Me ya sa ake juya gutsure idan za a yi rabawa? Mu tambayi tef ɗin tela

'Yar ƙanwata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Wata ranar Lahadi ta zo mini da littafin aikin gida, ta buɗe shafin da ta rubuta 6 ÷ 3/4 = 6 × 4/3 = 8. Malaminsu ya ba ta maki da jan biro, amma fuskarta ba ta nuna ta gamsu ba.

"Kawu, an ce daidai ne, amma ni ban yarda ba. Yaya za a raba shida a sami takwas? Ai in an raba abu raguwa yake yi."

Na tambaye ta me ya sa ta juya 3/4 ta koma 4/3. Ta ce haka aka ce su riƙa yi: ka bar na farko yadda yake, ka mai da alamar rabawa ta koma ta sau, ka juya na biyu. Dokar daidai ce, babu kuskure a cikinta ko ɗaya. Matsalar ita ce wanda ya haddace ta bai san daga ina ta fito ba, duk ranar da ya manta wanne ake juyawa, ba shi da wurin da zai koma ya duba. Abin da ke ƙasa shi ne hanyar da muka bi ni da ita a wannan yammacin, da tef ɗin awo na ɗinki da muka aro daga ɗakin mamanta.

Kafin mu fara, mu daidaita sunaye. Gutsure shi ne abin da ake kira firakshan a aji, wato lamba irin 3/4, uku bisa huɗu. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka yanka abu guda, lambar sama tana faɗin guda nawa aka ɗauka. Hausa tana da sunayen waɗannan tun kafin boko: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni. Ban da rabi, duk daga Larabci suka shigo, kuma wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji galibinsu. Juyayyen gutsure kuwa shi ne wanda aka yi wa musanyar sama da ƙasa: juyayyen 3/4 shi ne 4/3. Sai abu na ƙarshe da za ka riƙe: yadi ɗaya inci 36 ne. Wannan 36 ɗin tana da daɗin sha'ani, domin 2, 3, 4, 6, 9 da 12 duk suna shiga cikinta ba saura, don haka duk lissafin da za mu yi kana iya gwada shi da hannunka a kan tef.

Mataki na 1: Sauya tambayar da kake yi wa rabawa

Tun muna firamare muka saba da cewa 6 ÷ 3 na nufin a raba abu shida gida uku, ko a raba wa mutum uku. Wannan fassarar tana aiki ƙwarai, har sai an zo ga 6 ÷ 3/4. A nan take tsayawa cak, domin babu wanda ya taɓa ganin rubu'i uku na mutum ya zo karɓar kasonsa.

Amma rabawa tana da wata fuska ta biyu, kuma ita ma mun santa. Ka tuna yadda ake cewa a aji, "uku cikin shida sau nawa?" To wannan ita ce. Tela yana da ƙyalle yadi 6, kowace riga tana cin yadi 3, riga nawa zai fitar? Biyu. Bai raba wa kowa komai ba, aunawa kawai ya yi: ya ɗora yadi 3 a kan yadi 6 ya ga sau nawa zai hau.

Da wannan fuskar, 6 ÷ 3/4 ta zama magana mai ma'ana. Ga turmin atamfa mai yadi 6, ana so a yi rigunan filo da shi, kowace ɗaya tana cin 3/4 na yadi har da abin da ɗinki zai ci. Guda nawa za a samu? Kafin ka taɓa biro, ka riga ka san abu guda: in da kowace riga yadi ɗaya take ci, da shida za a samu. Tunda ba ta kai yadi ba, dole a sami fiye da shida. Ga amsar ƙorafin yarinyar nan ke nan. Rabawa ba ta yi wa kowa alkawarin raguwa ba. Idan abin awon ya fi 1 girma, amsa takan yi ƙasa da abin da aka fara da shi. Idan bai kai 1 ba, amsa takan yi sama.

Mataki na 2: Fara da gutsuren da 1 ke samansa

Ka ajiye 3/4 tukuna, ka ɗauki 1/4. Rubu'in yadi inci 9 ne. A yadi guda akwai rubu'i huɗu, ai shi ya sa ake ce masa rubu'i. Idan tela ya bi turmin nan da alli yana sa alama a kowane inci 9, yadin farko zai ba shi yanki 4, na biyu ma 4, haka har na shida. Jimla 24.

Wato 6 ÷ 1/4 = 6 × 4 = 24.

Lura da abin da ya faru. Babu wanda ya kafa dokar a mai da rabawa ta koma sau. Tambayar ce da kanta ta kai mu can: kowane yadi yana ɗauke da yanki 4, yadi kuma 6 ne, to sai a ce 6 sau 4. Da sulusi ne, kowane yadi zai ba da 3, a sami 18. Da rabi ne, 12. Lambar ƙasa ita ce ke faɗin yanki nawa ke cikin kowane yadi, shi ya sa take zama abin da ake ninkawa da shi.

Mataki na 3: Shigo da lambar sama

Yanzu ga yanki 24 a kan turmi, kowanne rubu'in yadi. Rigar filo ɗaya ba rubu'i ɗaya take ci ba, uku take ci. Sai tela ya bi alamomin allinsa yana ƙirga uku-uku, duk inda uku suka cika ya sa almakashi. Uku cikin 24 sau 8. Rigunan filo takwas ke nan, ba ko ƙyallen da ya saura.

Gwada da inci ka gani. Yadi 6 inci 216 ne, 3/4 na yadi inci 27 ne, kuma 27 sau 8 daidai 216.

Dubi ayyuka biyun da muka yi. Mun ninka da 4, lambar ƙasa. Mun raba da 3, lambar sama. To wane gutsure ne idan ka ninka abu da shi yake nufin "ninka da 4, ka raba da 3"? Shi ne 4/3. A cikin 3/4, uku ce ke ninkawa, huɗu ke rabawa. Da muka zo aunawa da shi, sai kowace ta karɓi aikin 'yar'uwarta. Juyawar da ake yi a takarda rubuta wannan musanyar ce kawai.

A nan nake so ka ɗan daɗe, domin akwai wata hanyar kallon 4/3 da a ganina ta fi kowace amfani, kuma ba kasafai ake faɗinta a aji ba. Ka manta da turmi, ka ɗauki yadi ɗaya tak. Rigar filo nawa ke cikinsa? Ka auna inci 27, ka yanke, riga ɗaya ta fita. Saura inci 9. Wannan inci 9 ɗin, idan ka gwada shi da abin da riga take buƙata, kashi ɗaya ne cikin uku, tunda 9 sau 3 ne 27. Don haka yadi guda yana ɗauke da riga ɗaya da sulusin riga, wato 1 1/3, wanda shi ne 4/3.

Ashe juyayyen gutsure yana da ma'ana tasa ta kansa. Shi ne amsar tambayar "sau nawa wannan gutsuren zai shiga cikin 1?" Da zarar ka san abin da yadi ɗaya yake bayarwa, sauran aiki ninkawa ne da yawan yadin da ke hannunka. Yadi ɗaya yana ba da 4/3, yadi shida zai ba da 6 × 4/3. A aikace, kowane yadi yana ba da riga guda da ragowar rubu'i, ragowar yadi uku kuma su haɗu su cika riga guda. Yadi shida: riga shida, da ragowa shida da suka haɗa riga biyu. Takwas.

Da muka zo nan yarinyar ta karɓi tef ɗin daga hannuna, ta dafe 27 da babban yatsa, ta ƙirga abin da ya rage zuwa 36, ta ce, "Au, ashe ƙarin biyun daga ragowar suka fito."

Mataki na 4: Idan duka biyun gutsure ne

Wani zai ce wannan ya yi sauƙi ne don 6 cikakkiyar lamba ce. To mu ɗauki wanda ba ya fita sumul. Ragowar ƙyalle ce, yadi 1 3/4, ana so a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 2/3 na yadi. Gunduwa nawa za a samu?

Da farko a mai da 1 3/4 gutsure zalla. Yadi ɗaya rubu'i huɗu ne, a ƙara uku, rubu'i bakwai: 7/4. Tambayar ta zama 7/4 ÷ 2/3.

Bi hanyar da muka gano yanzu. Yadi ɗaya gunduwa nawa yake bayarwa? Sulusi biyu na yadi inci 24 ne. A cire 24 daga 36, saura 12, rabin gunduwa ke nan. Yadi ɗaya yana ba da gunduwa ɗaya da rabi, wato 3/2, kuma ga shi nan shi ne juyayyen 2/3. Muna da yadi 7/4, don haka:

7/4 × 3/2 = 21/8 = 2 5/8

Yanzu mu sake fito da wannan amsar ta wata hanya da babu juyawa a cikinta kwata-kwata, don mu ga ko za su haɗu. Abin da ke hana mu kwatanta 7/4 da 2/3 kai tsaye shi ne ɗaya da rubu'i aka auna shi, ɗaya da sulusi. Sai a nemo ma'auni guda da zai yi wa kowannensu daidai. A yanka yadi gida 12, kowane yanki inci 3. Rubu'i ɗaya yanki 3 ne, don haka rubu'i bakwai yanki 21 ne. Sulusi ɗaya yanki 4 ne, don haka sulusi biyu yanki 8 ne. Tambayar ta koma 21/12 ÷ 8/12.

To a nan 12 ɗin ta gama aikinta. Kana da yanki 21, kowace gunduwa tana cin yanki 8, kuma yankunan girmansu ɗaya. Takwas cikin ashirin da ɗaya sau nawa? Ba ruwan amsar da girman yankin. Ko ƙwallon goro ne 21 ake kasawa takwas-takwas, amsar ɗaya ce: 21 ÷ 8, wato 21/8.

Hanyoyi biyu, amsa ɗaya, kuma ba dace ba ne. Dubi inda 21 ta fito: 7 sau 3, saman na farko da ƙasan na biyu. Dubi inda 8 ta fito: 2 sau 4, saman na biyu da ƙasan na farko. Waɗannan su ne ainihin lambobin da suke haɗuwa idan ka rubuta 7/4 × 3/2. Dokar juyawa gajeriyar hanya ce ta daidaita lambobin ƙasa sannan a watsar da su. Wanda ya manta dokar a ɗakin jarrabawa zai iya bin doguwar hanyar ya isa wuri guda.

Akwai wani tarko a cikin wannan amsar, kuma na ga manya ma sun faɗa cikinsa. Mece ce 5/8 ɗin da ke cikin 2 5/8? Koma kan tef. Yadi 1 3/4 inci 63 ne. An yanki gunduwa biyu, inci 48 sun tafi, saura inci 15. Idan ka auna wannan ragowar da yadi, 15 bisa 36 ce, wato 5/12 na yadi. Idan ka auna ta da gunduwa, 15 bisa 24 ce, wato 5/8 na gunduwa. Duka biyun gaskiya ne, amma tambayar "gunduwa nawa" aka yi, don haka da gunduwa za a ƙirga har ragowar. Ɗalibin da ya zana hoto ya rubuta 2 5/12 bai yi kuskuren zane ba, ma'auni biyu ya gauraya a amsa guda. A shago kuwa tela zai ce maka biyu suka fita, da ɗan ƙyalle, shi ma gaskiyarsa.

Mataki na 5: Gwada ta fuskar farashi

Mun ce fassarar "raba gida kaza" tana tsayawa idan an zo ga gutsure. Gaskiyar magana ba ta mutu ba, kama kawai take sauyawa. Idan yadi 3 ya kama ₦6,000, kana raba 6,000 da 3 don ka san kuɗin yadi ɗaya. Tambayar asali ita ce "nawa ne na guda ɗaya cikakke?" Wannan tambayar kuwa tana aiki da gutsure lafiya lau.

A ce ka sayi ragowar ƙyalle 3/4 na yadi a kan ₦1,500. Nawa yadi guda ya kama? Lissafin shi ne 1,500 ÷ 3/4. Mai shago ba zai juya komai ba. Zai ce a ransa, rubu'i uku dubu da ɗari biyar, kowane rubu'i ɗari biyar ke nan, rubu'i huɗu dubu biyu. Ya raba da 3, ya ninka da 4. Ayyukan nan biyu ne dai na ɗazu, sai dai ya fara da rabawa, mu kuma mun fara da ninkawa. Ba a samun bambanci: 1,500 × 4/3 = 2,000.

Ina son wannan misalin don yana nuna cewa mutanen kasuwa suna juya gutsure kullum ba tare da sun ba abin suna ba.

Mataki na 6: Hujjar da ta rufe kowace lamba

Misalai, komai yawansu, ba su isa su tabbatar da doka ga dukkan lambobi ba. Hujjar gaba ɗaya gajeriya ce, tana tsaye kan abubuwa biyu.

Na farko: idan ka ninka abin da ake rabawa da abin da ake rabawa da shi da lamba iri ɗaya, muddin ba sifili ba ce, amsa ba ta sauyawa. 6 ÷ 3 da 60 ÷ 30 duk 2 ne. Wannan muka yi ɗazu ba mu ambata ba, lokacin da muka mai da yadi inci: mun ninka ɓangarorin biyu da 36, 6 ÷ 3/4 ta koma 216 ÷ 27.

Na biyu: duk gutsuren da aka ninka da juyayyensa 1 yake bayarwa. 3/4 × 4/3 = 12/12 = 1. Dalili a fili yake, lambobi biyun nan ne suke haɗuwa a sama, su ne kuma a ƙasa.

Sai a haɗa su. Tunda muna da damar ninka ɓangarorin biyu da duk lambar da muka ga dama, mu zaɓi wadda za ta mai da na biyun 1, domin raba abu da 1 ba ya taɓa shi:

a/b ÷ c/d = (a/b × d/c) ÷ (c/d × d/c) = (a/b × d/c) ÷ 1 = a/b × d/c

Daga wannan layin za ka ga dalilin da ya sa na biyun ake juyawa ba na farko ba. Shi ne wanda muke so mu kawar daga hanya. Na farkon ba mu da wata rigima da shi.

Dokar ba sabuwa ba ce. Masanin lissafi na Indiya Brahmagupta ya rubuta ta a shekarar 628: a musanya sama da ƙasan abin da ake rabawa da shi, sannan a ninka.

Cikakkiyar lamba ma tana cikin wannan doka, domin 3 daidai take da 3/1, juyayyenta 1/3. Raba abu gida uku da ɗaukar sulusinsa ai magana ɗaya ce: 3/4 ÷ 3 = 3/4 × 1/3 = 1/4. Rubu'i uku aka raba wa mutum uku, kowa ya tashi da rubu'i guda. Idan kuma lamba mai alamar ɗebewa ce, alamar tana nan inda take: juyayyen −2/3 shi ne −3/2. Wuri ake musanyawa, ba alama ba.

Lamba ɗaya ce tak ba ta da juyayye, sifili. Babu lambar da za ka ninka 0 da ita ka sami 1, don haka dabarar da ke sama ba ta da inda za ta kama. A kan tef ma haka ne: in kowace gunduwa tsawonta inci sifili ne, ko shekara tela ya yi yana "yanka" ƙyallen ba zai ragu ba. Shi ya sa a cikin hujjar c ba za ta zama 0 ba, haka b da d tunda su lambobin ƙasa ne. Amma sifili a gaba ba laifi: 0 ÷ 3/4 = 0. Ba ƙyalle, ba riga.

Inda ake zamewa, da yadda za ka gane

Makamin da ya fi kowanne shi ne kintace kafin lissafi. Ka dubi na biyun: ya kai 1 ko bai kai ba? Ka dubi biyun tare: wanne ya fi girma? Idan na farko ya fi na biyu, amsa za ta wuce 1. Idan bai kai shi ba, amsa ba za ta kai 1 ba. Wannan kallon na daƙiƙa biyar yana kama kusan duk kurakuran da ke tafe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya na farko. Ɗalibi ya ga 6 ÷ 3/4 sai ya rubuta 1/6 × 3/4 = 1/8. Turmi guda cur, a ce ko riga ɗaya bai fitar ba? Abin sha'awa, 1/8 ɗin amsa ce ta gaskiya, amma ta wata tambaya daban: 3/4 ÷ 6, wato a raba inci 27 gida shida, kowa ya sami inci huɗu da rabi, sumunin yadi. Duk lokacin da ka ga amsarka juyayyen amsar da ke bayan littafi ce, wannan ne ya faru.

Na biyu shi ne a sauya alama a manta da juyawa: 6 × 3/4 = 4 1/2. Ita ma amsar wata tambayar ce, yadi nawa rigunan filo shida za su ci. Kintace zai kama ta, domin mun riga mun san dole amsa ta wuce 6.

Na uku ya fi ɓoyuwa, shi ne lamba mai haɗe da gutsure. A ce kowace riga yadi 1 1/3 take ci. Wasu sukan bar 1 ɗin a wurinta su juya 1/3 kaɗai, su sami 1 da 3, su tara su zama 4, amsa ta fito 24. Riga ta fi yadi, turmi yadi shida, ina 24 za ta fito? Sai an fara mai da 1 1/3 ta zama 4/3, sannan a juya: 6 × 3/4 = 4 1/2. A tef, kowace riga inci 48, huɗu sun cinye 192, saura 24, rabin riga.

Na huɗu shi ne gaggawar soke lambobi. An koya wa yara cewa a wurin ninkawa ana iya soke lambar sama ta wannan da lambar ƙasa ta wancan idan sun yi daidai. Sai yaro ya ga 2/3 ÷ 3/5, ya hango 3 a ƙasa da 3 a sama, ya soke su tun alamar rabawa tana nan, ya ƙare da 2 ÷ 1/5 = 10. Alhali 2/3 da 3/5 kusan kansu ɗaya, na farkon ya ɗara kaɗan, don haka amsa ba za ta yi nisa da 1 ba. Daidai shi ne 2/3 × 5/3 = 10/9. A juya tukuna, sannan a duba abin sokewa.

Bayan ka gama, akwai gwajin da ba ya ƙarya: ninka amsarka da abin da ka raba da shi, dole ka koma inda ka fara. 8 × 3/4 = 6. Haka 21/8 × 2/3 = 42/24 = 7/4. In bai dawo ba, akwai inda aka zame.

Na ƙarshe na kalkuleta ne, kuma shi ya kusa rushe mana duk aikin yammacin nan. Da muka gama, yarinyar ta ɗauki wayar mamanta don ta tabbatar, ta danna lambobin a jere, sai ga 0.5 a fuskar waya. Ta ɗago ta dube ni.

"Kawu, waya ta ce rabi."

Wayar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta lissafa. Kalkuleta tana bin rabawa daga hagu zuwa dama, don haka ta fara raba 6 da 3 ta sami 2, sannan ta raba 2 da 4. Ba ta san cewa 3 da 4 lamba guda ce ba sai an kulle su cikin baka:

```
6 ÷ 3 ÷ 4 = 0.5
6 ÷ (3 ÷ 4) = 8
```

A Excel ma haka za ka rubuta, `=6/(3/4)`. In kalkuletarka ba ta da maɓallin baka, sai ka fara mai da 3/4 ta zama 0.75, ka danna 6 ÷ 0.75. Wannan dabarar tana aiki da rabi, rubu'i, humusi da sumuni, amma ka yi hattara da sulusi: 2/3 ba ta ƙarewa a rubutun ɗigo, in ka sa 0.67 a madadinta, 1.75 ÷ 0.67 zai ba ka wajen 2.61 maimakon 2.625 da ke daidai da 2 5/8. A irin wannan gara ka yi juyawar da kanka, ka danna 1.75 × 3 ÷ 2.

Ta sa bakan, 8 ta fito. Sai ta jawo littafin ta buɗe tambaya ta gaba, 5 ÷ 5/6, ta kama tef ɗin tana neman inda inci 30 yake.